Dalilin da ya sa jerin lambobi ba ya da iyaka biyu

A lissafi, idan aka jera lambobi ɗaya bayan ɗaya ba ƙarshe, kamar 1, 1/2, 1/3, 1/4, ana iya tambayar inda suka dosa. Waɗannan sifili suka nufa, kuma shi ake kira iyakar jerin. Cauchy, masanin lissafi na Faransa, ya shimfiɗa ma'anar a littafinsa na 1821, daga baya Weierstrass na Jamus ya ƙara tsaurara ta. Ana ce wa lamba L iyaka idan, komai ƙanƙantar tazarar da aka zaɓa, akwai wani matsayi a jerin wanda daga shi zuwa gaba dukkan lambobin nisansu da L bai kai wannan tazarar ba. Kalmar "dukkan" ita ce ƙashin bayan zancen.

Mai shakka zai iya cewa 0.01 ma iyakar jerin nan ce, tunda lamba ta 100 daidai take da ita. To, sai a ɗauki rabin tazarar da ke tsakanin 0 da 0.01, wato 0.005. Lamba ta 200 ita ce 0.005, kuma duk waɗanda suka biyo ta ba su kai haka ba. Ke nan sun matsa kusa da sifili, nisansu da 0.01 ya wuce 0.005, kuma ba za su dawo ba. Jerin ya ratsa ta kan 0.01 ne kawai ya wuce.

Wannan dabara ta rabi ita ce hujjar gaba ɗayanta. A ƙaddara jeri yana da iyaka biyu mabambanta, L da M, tazararsu kuma d ce, wadda ta fi sifili. Tunda L iyaka ce, daga wani matsayi dukkan lambobin nisansu da L bai kai d/2 ba. Haka ma M, daga nata matsayin. Sai a zaɓi lamba guda, a kira ta x, wadda ta zo bayan matsayin biyu, don sharuɗɗan biyu su hau kanta. Biyawa ta wani wuri ba ya rage tsawon tafiya, saboda haka tazarar L da M ba za ta wuce nisan L zuwa x haɗe da nisan x zuwa M ba:

d ≤ |L − x| + |x − M| < d/2 + d/2 = d

Sakamakon shi ne d bai kai d ba, abin da ba zai yiwu ba. Dole L da M su zama lamba ɗaya.

Hujjar ba ta ce kowane jeri yana da iyaka ba, kuma a nan ɗalibai suka fi tuntuɓe. Jerin 1, −1, 1, −1 kan sa a zaci iyakarsa biyu ce, alhali ba shi da ko ɗaya. Idan aka gwada 1 da tazara 1, komai nisan da aka yi a jerin −1 za ta sake fitowa, nisanta da 1 kuwa 2 ne. Haka abin yake in aka gwada −1.