Jadawali Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Cinikin Shago Duka

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin samarin da ke haɗa wa 'yan kasuwa manhajar lissafi a Lokuwa da sauran unguwannin Mubi: wai rarraba bayanai jadawali-jadawali wahalar 'yan boko ce, a zuba komai wuri guda ya fi sauƙi. Ranar farko kam da sauƙi. Sai wata shida sun wuce, mai shago ya tambayi buhunan sukari nawa suka fita, a tsaya kallon juna.

Maganin tsoho ne: a tsara bayanai mataki-mataki. Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo matakin farko a 1970, na biyu da na uku a 1971. Su ake rubutawa 1NF, 2NF da 3NF.

A ɗauki shagon sari da ke kai kaya Maiha da Michika. Ga odarsa yadda aka saba hargitsa ta:

```
oda  mai_saye  gari     kaya
101  M7        Maiha    shinkafa 2, sukari 1
102  M3        Michika  sukari 4
103  M7        Maiha    gishiri 5
```

Matakin farko ya ce kowane gida abu ɗaya zai ɗauka. Gidan `kaya` na oda 101 ya haɗiye kaya biyu da adadinsu, don haka kwamfuta ba ta iya tara sukari sai ta tsaga rubutu. Wasu kan yi dabarar buɗe `kaya1`, `kaya2`, `kaya3`, su manta akwai ranar da mutum zai sayi abu huɗu. Gyaran shi ne kowane kaya ya samu layinsa, adadi da farashi su samu gidajensu. Oda 101 ta zama layi biyu. Yanzu lambar oda kaɗai ba ta bambanta layi da layi, sai an haɗa `oda` da `kaya`. Su biyun ne mabuɗi.

A nan ne masu cewa jadawali ɗaya ya isa suke tsayawa, kuma a nan ɓarnar take. Farashin sukari yana zaune a layin oda 101 da na 102. Idan ya tashi aka gyara ɗaya aka manta ɗaya, shago ya zama yana da farashi biyu, kuma babu mai sanin na gaskiya. Idan an kawo sabon kaya, kamar man gyaɗa, babu inda za a rubuta shi sai wani ya saya, tunda layi ba ya tsayuwa babu lambar oda. Idan kuma aka soke oda 103, gishiri da farashinsa sun ɓace gaba ɗaya, don layin nan kaɗai ya san da su. Wannan ake kira sauƙi? Dukiyar mutum ce fa, amana ce aka ba mai manhaja.

Mataki na biyu ya hana wani bayani dogara da rabin mabuɗi. A bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da tambaya: me zan sani kafin in san wannan? Farashi na buƙatar kaya kawai. Mai saye na buƙatar oda kawai. Adadi ne ke buƙatar duka biyun. Sai jadawalin ya rabu uku, na oda, na kaya, da na layin oda.

Na uku gajere ne. A jadawalin oda, `gari` bai rataya da oda ba, da mai saye ya rataya. In M7 ya koma Hong da zama, kada a bi odarsa duka ana gogewa. A fitar da `gari` zuwa jadawalin masu saye:

```
masu_saye(mai_saye, gari)
oda(oda, mai_saye, rana)
kaya(kaya, farashi)
layin_oda(oda, kaya, adadi)
```

Sai dai a yi hattara da farashi, musamman a kasuwar da kuɗin buhu ke sauyawa cikin mako. In farashin yau kaɗai aka ajiye, gyara shi zai sauya jimillar cinikin bara, bashin da ake bin M3 ya ƙaru babu dalili. Don haka a ƙara `farashin_sayarwa` a `layin_oda`. Wannan bai karya doka ba, domin kuɗin da aka sayar, har da ragin da aka yi wajen ciniki, ya rataya ne da wannan oda da wannan kaya. Haka ma idan ana sauke kaya a wani gari daban da na mai saye, wurin saukewa na jadawalin oda ne.

A ba kowane mai saye lamba, kada a dogara da suna, don masu suna ɗaya sun yi yawa a kasuwar Mubi. Kada a ajiye jimillar oda da hannu, a bar `SUM` ta lissafa daga adadi da farashin sayarwa. Masu kukan cewa rasiti zai yi wuyar fitarwa su koyi `JOIN`, shi ke sake haɗa jadawalai huɗun a takarda ɗaya. Kafin a miƙa aiki kuma a gwada abu uku a gaban mai shago: a sauya garin mai saye, a shigar da kayan da ba a taɓa sayarwa ba, a soke oda ɗaya sannan a duba ko gishiri na nan.