Gaisuwar ranar haihuwa ga mahaifin da aka daɗe ba a magana da shi

Akwai gidaje da yawa da ɗa ko 'ya ke shafe shekaru ba su ji muryar mahaifinsu ba, alhali lambarsa tana nan cikin waya. Sau da yawa mutuwar aure ce sila: an saki uwa, yara sun bi ta, uba ya ƙara aure, kowa ya kama gabansa. Idan ranar haihuwarsa ta zagayo, wasu kan ga kamar dama ce ta samu, sai su ɗauki waya su rasa ta inda za su fara.

Matsalar ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Karl Pillemer, masanin zamantakewa a Jami'ar Cornell, ya wallafa bincike a 2020 da ya nuna kusan kashi 27 cikin ɗari na manyan Amurkawa sun yanke hulɗa da wani daga danginsu. Abin da ya fi amfani a aikinsa shi ne hirarsa da waɗanda suka shirya daga baya. Akasarinsu sun haƙura da jiran ranar da ɗaya ɓangaren zai yarda da labarin yadda suke ba da shi, ko ya nemi gafara.

A ɗauki misalin matar da rabonta da mahaifinta shekara shida, tun da bai halarci bikinta ba. Saƙon da zuciya ke fara rubutawa yakan zama haka: "Baba, barka da ranar haihuwa. Duk da abin da ka yi mana ni da Mama, na yafe maka. Ina jiran kiranka." A ganinta ta yi sassauci. A kunnen dattijo kuwa tuhuma ce, sannan yafiya kan laifin da bai amsa ba, sannan umarni. Uban da ya tashi cikin al'adar da babba ba ya saurin ba ƙarami haƙuri zai ji an tsare shi ne, kuma shiru zai yi.

Ga yadda saƙon zai iya kasancewa idan ta sake zama a kansa: "Assalamu alaikum Baba. 'Yarka ce. Na tuna yau ce ranar haihuwarka, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mun daɗe ba mu gaisa ba, kuma abin yana damuna. Har yanzu ina tuna lokacin da kake kai ni makaranta a kan kekenka. Ba sai ka ba ni amsa ba, gaisuwa ce kawai."

Babu ƙarya a cikinsa. Ba ta ce komai ya wuce ba, ba ta kuma kira shi uban da ya fi kowa ba, domin shi ma ya san ba haka take ji ba, kuma yabon da ya zarce gaskiya yakan yi kama da habaici. Ta ambaci nisan da ke tsakaninsu a jimla ɗaya ba tare da ta ɗora wa kowa laifi ba. Ta kawo alheri guda da ya faru da gaske, wanda shi ma zai tuna. Jimlar ƙarshe ita ce mafi wuyar rubutawa, kuma kada a sa ta sai har zuciya ta yarda da ita. Wanda zai kwana yana duba ko alamar WhatsApp ta koma shuɗiya bai shirya aikawa ba tukuna.

Sai a lura da wasu abubuwa na gida. Dattawa da yawa ba sa bikin ranar haihuwa, wasu na ganinta baƙuwar al'ada, wasu kuma 1 ga Janairun da ke kan katinsu cike gurbi ne kawai aka yi a wurin rajista. Ga irin wannan uban, gaisuwar Juma'a ko barka da Sallah ta fi shiga, kuma kalaman ba sa canzawa sosai. Idan ba ya karatun boko, saƙon murya ya fi, amma a tuna ana iya kunna shi a zaure ko a gaban matarsa, don haka kada a faɗi abin da ba a so kowa ya ji. Maganar kuɗi, gado ko sunan kishiyar uwa ba su da gurbi a nan.

Addini ya ba wa mai fara magana ƙarfin gwiwa. A hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kan ƙaurace wa juna, an fifita wanda ya fara yin sallama, kuma Suratu Luƙman ta yi umarni da kyautata wa iyaye a zaman duniya ko da an saɓa da su a abu mafi girma. Sai dai gaisuwa ba alkawarin komawa gidan da aka sha duka ko wulaƙanci ba ce. Inda aka cutar da mutum sosai, yana da damar ya gaisar daga nesa, ko ya bi ta hannun baffa ko gwaggo.

Amsa na iya zuwa da kalma ɗaya, "Amin" ko "Na gode", kuma a bakin uba mai alkunya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana iya ƙin zuwa gaba ɗaya. Idan haka ta faru, kada a bi saƙon da wani na ƙorafi. A bari sai Sallah ta zo a sake gaishe shi.