Aike ɗari biyar da ɗaya: dalilin da shafin oda ke nauyi

A ɗauka ga wani babban dila na atamfa da ke da shago a gaba, sito kuma a bayan layi. Ya tashi duba odar mutum 500, sai ya aiki yaronsa ya ɗauko jerin sunayensu. Yaro ya dawo, ya sake aikensa ya dubo kayan mutum na farko. Ya dawo, a dubo na biyu. Kafin a gama yaron ya yi sawu 501, alhali da takarda ɗaya aka ba shi mai ɗauke da duk lambobin, sawu biyu ya isa.

Babu ɗan kasuwar da zai yarda da wannan wahalar banza, amma manhajojin sayar da kaya da yawa haka suke yi wa rumbun bayanansu. Masu rubuta manhaja suna kiran matsalar N+1: tambaya ɗaya ta kawo jerin oda, sannan kowace oda a yi mata tata tambayar daban. Ga yadda take fitowa a Django, wanda aka gina da yaren Python:

```python
for order in Order.objects.all():
    for item in order.items.all():
        print(item.name)
```

A ido layukan nan uku ba su da laifi. Laifin yana ɓoye a na biyu, domin duk lokacin da zagayen ya iso kan sabuwar oda, `order.items.all()` sai ya tura sabuwar tambaya zuwa rumbun.

Abin da ke rikita mutane shi ne kowace tambaya ita kaɗai ba ta da nauyi. Rumbun yana amsa ta nan take. Hanya ce ke cin lokacin, zuwa da dawowa tsakanin injin manhaja da injin rumbun. A ce kowane sawu yana cin kashi 2 cikin dubu na daƙiƙa. Sawu 501 sun cinye daƙiƙa guda ke nan. Idan rumbun yana wata nahiya, sawu ya kai kashi 100 cikin dubu, jiran ya zama daƙiƙa 50. Shi kuwa mai rubuta manhajar da oda goma ya yi gwaji a kwamfutarsa, bai ga komai ba. Sai ciniki ya buɗe sannan ciwon ya bayyana.

Gano shi ba wuya, ƙirge ake yi. A buɗe bayanan tambayoyin da shafin ya tura, ko a sa Django Debug Toolbar ya nuna su. Muddin aka ga tambaya iri ɗaya tana ta maimaituwa, lambar oda kawai ke sauyawa, to an kama ɓarawon. Sayen injin da ya fi ƙarfi, wanda shi wasu ke fara gudu su yi, ba ya rage yawan sawun ko da guda.

Maganin layi ɗaya ne:

```python
Order.objects.prefetch_related("items")
```

Yanzu tambaya biyu ce. Ta farko ta kawo odar, ta biyu ta kwaso kayansu gaba ɗaya da `WHERE order_id IN (...)`, sannan manhajar ta raba wa kowace oda nata. Masu Laravel suna rubuta `with('items')`, masu Rails kuma `includes(:items)`. Dabarar ɗaya ce.

Wani zai ce me ya hana a haɗe komai a tambaya guda da `JOIN`? Ana yi, kuma yana kyau idan ana neman abu ɗaya tak ga kowace oda, kamar sunan mai sayen. Amma oda mai kaya 10 za ta dawo a layi 10, ana ta maimaita adireshi da kwanan wata. Idan kuma an biya kuɗinta sau 3 aka haɗo da wannan teburin ma, layukan sun zama 30, har jimillar kuɗi ta iya ninkuwa ba a lura ba. Wannan ya fi jinkiri muni.

Akwai tarko biyu bayan gyaran. A Django, wanda ya kwaso kayan sannan ya rubuta `order.items.filter(...)` cikin zagayen ya koma gidan jiya, domin tacewar tana tura sabuwar tambaya. Na biyu shi ne fihirisa. PostgreSQL ba ya yi wa ginshiƙin `order_id` fihirisa da kansa don kawai yana nuni zuwa wani tebur. Django yakan ƙirƙira ta, amma a teburin da aka gina da hannu sai an duba, in ba haka ba rumbun ya riƙa karance teburin kaya tun daga farko.

Inda babu hanya, babu wannan ciwon sosai. SQLite yana zaune ne cikin manhajar kanta, shi ya sa masu shi suka bayyana cewa ƙananan tambayoyi masu yawa ba sa yi masa nauyi. Sauran kuwa sukan kafa ƙofa: a gwajin Django ana sa `assertNumQueries(2)`, duk ranar da wani ya mayar da tambayar cikin zagaye, gwajin ya faɗi kafin shafin ya isa hannun masu saye.