Foldar Tana Nan, Manhaja Ce Ba Ta Nuna Ta

A ce ga wata akanta a wani kamfanin sayar da kayan gini. An sauya wa kamfanin sabar imel a ƙarshen mako, ranar Litinin ta buɗe Thunderbird a kwamfutarta ta tarar da Inbox da Sent da Trash suna nan daram, amma foldar da ta sa wa suna Rasidai, inda takardun biyan kuɗi na shekaru suke, ta yi ɓatan dabo. Abin da zai fara zuwa mata a rai shi ne an goge. Sai dai idan ta ɗauki wayarta ƙirar iPhone ta buɗe wannan adireshin, da alama za ta ga Rasidai da duk wasiƙun cikinta, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba.

Dalilin yana cikin IMAP, wato ƙa'idar da manhajar imel take bi wajen magana da saba. Mark Crispin ne ya ƙirƙiro ta a Jami'ar Stanford a 1986, kuma sigar da aka fi amfani da ita an rubuta ta ne a takardar RFC 3501 ta 2003. A wannan ƙa'ida saba tana riƙe da jeri biyu ga kowane mai akwati. Na farko shi ne jerin dukkan foldojin da ke akwai. Na biyu kuwa jerin waɗanda mai akwatin ya yi wa rajista ne, wato ya ce yana so a riƙa nuna masa su. Kamar ɗalibi ne da ke zaune a aji amma sunansa bai shiga littafin kiran suna ba: yana nan, sai dai malamin da ke bin littafi kaɗai ba zai taɓa kiran sa ba.

Kowace manhaja da jerin da take tambaya. Thunderbird, yadda take zuwa tun asali, jeri na biyu take bi. Manhajar Mail ta Apple kuwa ba ta cika damuwa da rajista ba, duk abin da ke saba take kawowa. Shi ya sa akwati ɗaya yake da fuska biyu a na'urori biyu, har mutum ya fara zargin kwamfutarsa ko ma'aikacin da ya taɓa ta.

Ba don a wahalar da mutane aka yi wannan tsari ba. A zamanin da aka tsara shi, sabar IMAP kan nuna wa mutum har da zaurukan tattaunawa na Usenet, waɗanda sun kai dubbai, wata kuma takan lissafo duk fayilolin da ke ma'ajiyarsa tamkar foldojin wasiƙu ne. Dole a ba shi hanyar zaɓar 'yan kaɗan da yake bukata. Yau yawancin mutane foldojinsu ba su taka kara sun karya ba, amma jerin na biyu yana nan yana aikinsa, kuma da wuya a sami manhajar da za ta sanar da mai ita cewa akwai foldar da ta bari a baya. Wannan shirun shi ne babban aibin tsarin.

To yaya aka yi Rasidai ta faɗi daga rajista? A sabar da ke amfani da Dovecot, jerin rajistar wani ɗan fayil ne mai suna subscriptions, yana zaune a ma'ajiyar wasiƙun mutum. Idan mai ƙaurar da akwatuna ya kwashe foldoji da wasiƙu ya manta da wannan fayil, sabuwar saba za ta karɓi komai lafiya amma jerin rajista zai taso ba Rasidai a ciki. Haka nan folda kan rasa rajista tun ranar haihuwarta, idan wata manhaja ce ta ƙirƙire ta ba ta aika umarnin rajista ba, ko kuma shugaban sashe ne ya buɗe foldar haɗin gwiwa ya ba ma'aikata izinin shiga. Izinin shiga daban, rajista daban, kowa sai ya yi tasa.

Ma'aikacin da ke kula da saba zai iya tabbatar da abin cikin minti ɗaya, ta hanyar yi wa sabar tambayoyin biyu da kansa:

```
a1 LIST "" "*"
a2 LSUB "" "*"
a3 SUBSCRIBE Rasidai
```

Umarni na farko yana kawo dukkan foldoji, na biyu yana kawo masu rajista kaɗai. Idan Rasidai ta fito a amsar farko ba ta fito a ta biyu ba, an gano bakin zaren, kuma umarni na uku ya gama gyara. Idan kuwa ba ta fito ko a amsar farko ba, to matsalar ba ta rajista ba ce. Ko dai ba a kwaso foldar ba, ko an sauya mata suna, ko an cire izinin ganin ta.

Ita akantar ba sai ta rubuta umarni ba. A Thunderbird za ta danna sunan akwatin da maɓallin dama na linzami, ta zaɓi Subscribe, ta nemi Rasidai a jerin da zai fito, ta sa mata alama. In tana so ta huta da maimaita wannan, sai ta shiga Account Settings, sannan Server Settings, sannan Advanced, ta cire alamar da ke gaban Show only subscribed folders. A tsohuwar Outlook ta kwamfuta wurin ana kiran sa IMAP Folders, kuma sai an danna Query kafin jerin ya bayyana. A Roundcube, manhajar da kamfanonin ajiye shafuka da yawa ke ba kwastomominsu a burauza, ana samun sa a Settings, ƙarƙashin Folders. Tunda a saba ake ajiye rajistar, gyara ɗaya ya ishi duk na'urorin da ke bin jerin.

Masu Gmail suna da wani makunni na daban. A shafin Labels akwai Show in IMAP, kuma lakabin da aka cire wa wannan alama ba zai fito ba ko a jerin Subscribe, sai an koma shafin Gmail an mayar da ita.

Barin folda a ɓoye yana da illa fiye da fargabar safiyar Litinin. Idan akwai matacin wasiƙu a saba da ke tura duk saƙon banki zuwa Rasidai, zai ci gaba da turawa, wasiƙu na taruwa ba mai karantawa, abokin ciniki na cewa ya aiko, ofis na rantsuwa bai gani ba. Foldar tana kuma cin wurin da aka ware wa akwatin, har mutum ya ga sanarwar akwatinsa ya cika alhali abin da yake gani bai kai rabi ba. Mafi muni shi ne wanda ya dogara da kwafin da manhajarsa ta sauke a matsayin ajiyar ko-ta-kwana kafin ya rufe tsohon akwati. Manhajar da ke bin rajista ba ta sauke foldar da ba ta nunawa, don haka ranar da aka rufe akwatin wasiƙun sun tafi da gaske.

Akwai kuma kishiyar matsalar. RFC 3501 ta hana saba cire suna daga jerin rajista da kanta ko da foldar ta daina wanzuwa, saboda haka mutum kan ga foldar da aka goge tuntuni tana maƙale a manhaja, in ya danna ta a ce masa babu ita. Maganinta Unsubscribe, a tagar nan ɗaya da aka yi wa Rasidai rajista.