Minti biyu a gaban masu zaɓen 'yan wasa

Wasan kwaikwayon da Damagaram ta yi suna da shi wasan taro ne. Tun zamanin samariya, lokacin mulkin Seyni Kountché daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyi kan zauna su tsara gundarin labari, a raba wa kowa matsayinsa, maganar kuwa a bakin ɗan wasa take fitowa sa'ad da ya tsaya gaban abokin wasansa. A wannan salon ne irin su Yazi Dogo suka shahara a rediyo da talabijin na Nijar. Saurayi ko budurwar da suka taso a Yauri suna wasa a lakwal ko a dandali, wannan hanyar suka gada: a jefo maka magana ka cafe, ka mayar.

Ranar gwaji kuwa ba mai jefo maka komai. Ko ƙungiyar wasa ce a Matamaye ko Zinder ke neman sabbin 'yan wasa, ko masu shirya fim ne a Kano, in aka ce ka nuna abin da ka iya, kai kaɗai za ka tsaya, kuma lokacin da za a ba ka ɗan kaɗan ne, sau da yawa minti biyu. Wanda ya zo da nufin ƙirƙira nan take yakan ɓata rabin lokacin yana neman bakin zaren. Shi ya sa ake rubuta maganar tun daga gida.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauka cewa nuna iya sauya yanayi yana nufin a jera dariya da kuka da faɗa ɗaya bayan ɗaya. Sai ka ga yarinya ta fara da kururuwa, ta faɗi ƙasa tana birgima, ta miƙe tana ƙyalƙyala dariya, ba wanda ya san dalili. Masu zaɓe sun gaji da ganin wannan. Abin da suke dubawa shi ne ko sauyin ya taso daga wani dalili da ke cikin maganar. Dalilin kuma kusan kullum guda ne: mai magana yana son wani abu daga hannun wani mutum, an hana shi, sai ya sake dabara. Duk sanda dabara ta sauya, murya da fuska da tsayuwar jiki sukan bi ta da kansu.

Saboda haka kafin ka rubuta kalma ɗaya, ka san da wa ake magana, me ake nema a wurinsa, kuma me ya sa sai yanzu ba gobe ba. Mutumin da ake wa magana ba ya kan dandali, amma dole a ji yana nan, yana yin shiru, yana kau da kai, yana ci gaba da aikinsa.

Mu ɗauki misali daga abin da mutanen wannan yanki suka sani sarai. Shekaru da dama mata daga ƙasar Kance suna tafiya Aljeriya da ƙananan yara neman abin sawa a baka. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Marubuci sabon shiga zai so ya sa 'yar wasa ta tsaya ta yi wa jama'a lacca a kan illar wannan tafiya. Lacca murya ɗaya gare ta daga farko har ƙarshe, ba za ta nuna komai ba. Mu kuwa za mu ƙirƙiri budurwa, mu kira ta Rabi, 'yar shekara 19. Dare ne, mahaifiyarta na ɗaure kaya, mota za ta tashi da asuba. Rabi ta san ba ta isa ta hana uwarta tafiya ba. Abu ɗaya take nema: a bar mata autansu, yaro ɗan shekara biyar. Buƙatar ƙarama ce, ana iya cewa i ko a'a a daren nan, kuma abin da ya sa za ta iya ɗaukar wasan ke nan.

'Ya ba ta tunkarar uwa da faɗa, don haka da raha za ta fara:

"Inna, wannan ƙullin ai ko jakin Baba sai ya yi ƙara. Kawo in kama miki. Af, har da takalmin Auta? Wannan da ko kasuwa aka kai shi sai an goyo shi a dawowa, shi ne zai je Tamanrasset? Ki bar shi nan ya ci gaba da cinye mini ƙuli-ƙuli."

A jimla biyar an san wa ke magana, da wa, ina za a je, kuma buƙatar ta fito a ɓoye cikin wasa. Ba a ce "Ni ce Rabi, ina zaune a Yauri" ba. Gabatar da kai irin wannan yana cin daƙiƙa goma sha biyar a banza.

Inna ba ta tanka ba. Raha ta gaza, sai Rabi ta koma ciniki, murya ta yi ƙasa, magana ta yi sauri:

"Tsaya ki ji. Ina da jaka huɗu a asusu, na awarar da nake soyawa. Adashena kuma wata mai kamawa ne kwasata. Ki haɗa duka ki tafi da su. Abin da za a ba ki saboda an gan ki da yaro, ni zan biya shi. Nawa ne? Faɗa mini, nawa ne?"

A dubi yadda tambayar ƙarshe ta zame daga ciniki zuwa zargi ba tare da Rabi ta shirya ba. Wannan ita ce gaɓar da fushi ke shigowa, kuma a nan ne marubucin Hausa yake da abin da ya kamata ya yi amfani da shi sosai, wato kunya da kara. Fushin da aka sake shi gaba ɗaya tsawa ce kawai, kowa ya iya. Fushin da ya kufce na daƙiƙa biyar sannan mai shi ta ji kunyar abin da ta faɗa wa uwarta, shi ke nuna gwaninta:

"Yaro ne, Inna, ba ƙoƙon bara ba ne! … Ki gafarce ni. Wallahi ban yi nufin in faɗi haka ba. Na san rumbu ba komai. Na san ba don daɗi za ki ba."

Shirun da ke tsakanin jimlar farko da neman gafara yana cikin rubutun, kuma sai an ƙidaya shi cikin lokaci. Daƙiƙa uku sun isa. In ya kai bakwai, masu kallo za su zaci mantuwa aka yi.

Yanzu dabaru sun ƙare, saura gaskiyar da take ɓoyewa tun farko. A ganina a nan ne akasarin rubuce-rubuce ke lalacewa, domin marubuci yakan sa a ambaci sunan abin da ake ji: "ina baƙin ciki", "zuciyata ta karye". In an faɗa da baki, ba a bar wa fuska aikin yi ba. A ba ta wani abu da ido ke iya gani:

"Shekaran jiya da zazzaɓi ya kama shi, cikin dare sau uku yana tashe ni, ruwa, Yaya, ruwa. Randa na nan bakin ƙofa, taku biyu. Can in ya ce ruwa, wa zai miƙa masa?"

Ba a ambaci 2013 ba, ba a kira hamada ba, amma duk ɗan wannan ƙasa ya san abin da ake nufi. 'Yar wasa ba ta buƙatar matso hawaye a nan. In ta faɗi layin a hankali tana kokawa da kukan kada ya fito, ya fi taɓa zuciya.

Ƙarshen ya kamata ya bar Rabi a wani hali dabam da wanda ta fara da shi. Ko dai ta samu, ko ta rasa, ko ta yanke wata sabuwar shawara. Na fi son na ukun:

"To, shi ke nan. Ba zan ƙara roƙo ba. Amma yau a ɗakina zai kwana, kuma ba zan sa sakata ba. In kin iya ɗaukarsa daga jikina da asuba, ki shigo ki ɗauka."

Duka maganar Rabi ba ta kai kalma 200 ba, kuma da gangan ne. Shawarata kada rubutun minti biyu ya wuce kalma 200 zuwa 240, domin shiru da motsi suna cin lokaci fiye da yadda ake zato. Ma'aunin gaskiya agogon salula ne: ka tashi tsaye ka yi wasan da babbar murya, ba karatu a zuci ba, ka nemi ya tsaya wajen minti ɗaya da daƙiƙa 45. Ranar gwaji fargaba kan sa wasu gudu, wasu kuma ta sa su jan magana, kuma wanda aka katse kafin ya kai layin ƙarshe ya yi asarar mafi kyawun abin da ya zo da shi. In ya yi tsawo, daga farko ake yankewa, don a nan gaisuwa da shimfiɗa ke taruwa.

Wanda rubutu ke ba wuya, ya yi yadda aka saba a ƙungiya: ya sa aboki ya zauna a matsayin Inna, kada ya ce uffan, shi kuma ya yi ta magana yana ɗauka a waya. Daga baya a saurara, a tsince jimlolin da suka yi rai, a rubuta su da boko ko da ajami. Ta haka Hausar takan fito irin ta bakin mutanen garin. Budurwar Yauri da ta ari Hausar finafinan Kano ta yi wa uwarta magana, kunne zai ji aron nan da nan. Karin magana ma kada ya wuce ɗaya, in ma an sa, don mai neman abu da gaske ba ya tsayawa kwalliyar zance.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko sauyin yanayin ya fito. Ka yi wasan gaban wanda bai san labarin ba, ka tambaye shi sau nawa mai maganar ta sauya dabara, kuma a ina. In ya nuna maka wurare uku ko huɗu da suka dace da naka, rubutun ya yi. In ya ce "ai tana cikin damuwa ne tun farko", to ka fara da zafi da yawa, ba ka bar wurin hawa ba, sai ka koma ka sassauta buɗewar.

A wurin gwajin, kada ka mai da masu zaɓe su zama Inna. Kallon idonsu yana takura su, ya hana su duba wasanka. Ka zaɓi wani wuri kaɗan a gefensu, daidai tsayin mutumin da ke zaune a tabarma yana ɗaure kaya, ka ajiye ta can, kada ta matsa har ka gama. Kada ka zo da ƙunshin kayan wasa. Ɗankwali ko takalmin yaro guda ya wadatar. Sau da yawa bayan ka gama za su ce ka maimaita ta wata fuska, misali Rabi ta yi duka maganar cikin raɗa don kada Auta ya farka. Ka gwada irin wannan a gida tun kafin ranar, sau ɗaya da raɗa, sau ɗaya kana tsaye wuri guda ba ka motsa hannu ba.