Lissafin Hucin Wuta: Yadda Ake Gane Rabon Kowane Bango a Cikin Tanderu

Duk wanda ya taɓa jin ɗumi da asubahin hunturu ya san cewa fuskarsa da ƙirjinsa ne ke shan zafi, bayansa kuwa sanyi ƙalau. Da zarar wani ya gitta tsakaninsa da wutar, sai ɗumin ya ɗauke nan take, kamar an hure fitila. Ba iska ce ke kawo wannan zafin ba. Huci ne, mai tafiya a miƙe kamar haske, ba ya sauka sai a kan abin da wutar take gani.

Masu tsara tanderun burodi, da na gasa bulo, da na narka ƙarfe, dole su san yadda wannan huci yake rarrabuwa. Idan ƙasan tanderu ya yi jawur, kashi nawa na hucinsa ne zai tafi kai tsaye ga rufi, nawa ne zai faɗa jikin bango? Amsar ita ce abin da za mu kira kason gani. Injiniyoyi suna rubuta shi da harafin F da lambobi biyu. F12 na nufin kason hucin da ya bar fuska ta 1 ya sauka kai tsaye a fuska ta 2. Ba ya yin ƙasa da 0, ba ya wuce 1. Idan an ce 0.25 ne, to rubu'in hucin ne ya isa can. Kuma kason gani bai damu da zafin wutar ba, bai damu da ko bangon na laka ne ko na ƙarfe ba. Girman fuskokin, da nisansu, da yadda suke fuskantar juna, su kaɗai ne ke yanke shi.

Matsalar ita ce yawa. Wuri rufaffe mai fuska 3 yana da kason gani 9, domin kowace fuska ana tambayar yadda take ganin kowace, har da kanta. Ɗaki mai bango 4 da rufi da daɓe, wato fuska 6, yana da 36. Fitar da ko da guda ɗaya daga tushe lissafi ne mai cin rai, domin sai an yayyanka fuskokin biyu ƙanana ƙanana, an auna yadda kowane yanki yake ganin kowane. Shi ya sa masana irin su Hoyt Hottel na jami'ar MIT a Amurka, wanda ya daɗe yana nazarin zafin tanderun masana'antu, suka ba da ƙarfi ga hanyoyin rage wannan wahala. Da ƙa'idoji uku, mutum zai nemo lamba ɗaya ko biyu daga jadawali, sauran kuma ya fitar da su da fensir.

Ta farko ita ce ƙa'idar jimla. A wuri rufaffe huci ba shi da mafita, duk wanda ya bar wata fuska dole ya sauka a wani wuri a ciki. Saboda haka idan aka tara duk kason da ya fito daga fuska ɗaya, 1 za a samu:

F11 + F12 + F13 = 1

A lura da F11, wato yadda fuska take ganin kanta. Faifai shimfiɗaɗɗe ba ya ganin kansa, haka ma bayan ƙwarya, don haka nasu 0 ne. Amma cikin ƙwarya yana ganin kansa: hucin da ya tashi daga wannan gefe zai iya faɗawa wancan gefen.

Ta biyu ita ce ƙa'idar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka, kuma a nan ne aka fi yin tuntuɓe. Gaskiya ne idan na gan ka kai ma ka gan ni, amma ba lallai da kaso ɗaya ba. A ɗauki dunƙulen ƙullu a rataye tsakiyar babban tanderu. Duk hucin da ya bar ƙullun a jikin tanderun zai sauka, kasonsa 1 ne cif. Shi kuwa tanderun, ɗan kaɗan ne daga hucinsa ke samun ƙullun, sauran ya wuce ya faɗa wani sashe na bango. Abin da yake daidai tsakaninsu shi ne faɗin fuska sau kason gani. Idan A ne faɗin fuska:

A1 × F12 = A2 × F21

Dalilin a fili yake. Da ƙullun da tanderun za su kasance a zafi ɗaya, babu wanda zai ƙara wa wani zafi, don haka abin da ya tafi dole ya yi daidai da abin da ya dawo. Idan faɗin cikin tanderun ya ninka na ƙullun sau 100, to kason da yake ganin ƙullun 0.01 ne.

Ta uku ita ce ƙa'idar tagwaye. Idan fuskoki biyu girmansu ɗaya, kuma suna zaune a matsayi iri ɗaya game da fuska ta uku, to kasonsu daga gare ta ɗaya ne. Ɗaki mai rufin kwano da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk ɗaya ne, misali mita 3, ya isa shaida. Jadawali ya ba da kason rufi zuwa daɓe kusan 0.2. Rufin shimfiɗaɗɗe ne, ba ya ganin kansa, don haka 0.8 ya rage wa bango huɗu. Tunda babu bangon da ya fi wani kusanci da rufin, sai a raba daidai, kowanne 0.2. Dukkan fuskoki shidan kuma kamarsu ɗaya, saboda haka lamba ɗaya ta warware guda 36. Hucin da kwano ke saukarwa da azahar, kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ke zuwa daɓe kai tsaye, sauran bangwaye ne ke sha.

Yanzu mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. A ɗauki tanderu mai siffar ganga a tsaye, faɗin bakinsa mita 1, tsayinsa mita 1. Ƙasansa fuska ta 1, murfinsa fuska ta 2, zagayayyen bangonsa fuska ta 3. Faɗin ƙasan murabba'in mita 0.785 ne, na murfin ma haka. Na bangon 3.14 ne, wato ninki huɗu na ƙasan.

Muna neman lambobi 9. Biyu sun zo a kyauta: F11 da F22 duk 0 ne, tunda faifai ne shimfiɗaɗɗu. Guda ɗaya tak za mu ɗauko daga jadawalin da ke cikin littattafan fannin: faifai biyu masu girma ɗaya da ke fuskantar juna, nisansu daidai da faɗinsu, kason ganinsu 0.172 ne. Wato F12 = 0.172. Daga nan sai fensir.

Ƙa'idar jimla a kan ƙasan tanderun ta ce abin da bai je murfi ba ya je bango, don haka F13 = 1 − 0.172 = 0.828. Murfin tagwayen ƙasan ne, saboda haka F21 = 0.172, F23 = 0.828. Saura bangon. Ƙa'idar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ta ce faɗin ƙasa sau 0.828 daidai yake da faɗin bango sau F31. Tunda bangon ya ninka ƙasan sau huɗu, sai a raba 0.828 gida huɗu, a samu F31 = 0.207. Bangon yana ganin murfi kamar yadda yake ganin ƙasa, don haka F32 = 0.207. A tara su biyun, 0.414. Ina sauran ya tafi? Ya koma wa bangon kansa, domin a lanƙwashe yake: F33 = 1 − 0.414 = 0.586. Fiye da rabin hucin bangon a jikinsa yake sauka.

Ga amfanin wannan lamba a aikace. A ce ƙasan yana kan digiri 527 a ma'aunin salshiyas, murfin kuma 227. A lissafin huci ana ƙara 273 don a koma ma'aunin kelbin, sai su zama 800 da 500. Idan muka ɗauka duka biyun baƙaƙe ne masu shanye duk hucin da ya same su, ƙa'idar Stefan da Boltzmann ta ba da musayar wat kusan 19,700 a kowane murabba'in mita. A ninka da 0.785, a sake ninkawa da 0.172, za a samu wat kusan 2,700 na tafiya kai tsaye daga ƙasa zuwa murfi. Wanda ya manta da kason gani, ya ɗauka duk hucin ƙasan murfi yake zuwa, zai samu fiye da 15,000, kuskuren kusan ninki shida. Sai dai 2,700 ɗin ma ba shi ne dukan labarin ba. Idan bangon mai kauri ne, ba ya zubar da zafi waje, zai mayar da hucin da ya karɓa, wani sashe ya isa murfin ta wannan hanya. Lissafin wannan ma da F13 da F32 ake yinsa, shi ya sa ake buƙatar dukkan taran.

Akwai alamun da ke tona kuskure. Idan aka jera lambobin layi-layi, kowane layi dole ya taru ya ba da 1. Idan na bangon ganga ya tsaya a 0.414, an manta cewa yana ganin kansa. Idan wani kaso ya haura 1, galibi an juya faɗin fuskokin ne wajen rabawa: wanda ya ninka 0.828 da huɗu maimakon ya raba zai samu 3.3, abin da ba zai yiwu ba. Idan kuma ya fito ƙasa da 0, sau da yawa karatun jadawali ne ya yi gaggawa, domin cire lamba daga wata da ta kusa kai ta yana kumbura ɗan ƙaramin kuskure. Don haka ake riƙe lambobi uku bayan ɗigo har zuwa ƙarshe.

Buɗaɗɗen baki ma yana ruɗa mutane. Idan aka cire murfin gangar, ƙa'idar jimla ba ta rushe ba. Ana shimfiɗa faifan zato a bakin, a ƙirga shi fuska ta 2, sai 0.172 ya zama kason hucin ƙasan da ke tserewa waje kai tsaye. Ita kuwa ƙa'idar tagwaye sai an duba ta da kyau: ƙofa a bango ɗaya, ko tire da aka sa a tsakiya ya tare gani, ya isa ya raba tagwayen.

Lissafin duka yana tsaye ne a kan sharuɗɗa. Ana ɗauka kowace fuska zafinta ɗaya ne ko'ina, tana watsa huci ta kowane ɓangare daidai, kuma iskar da ke ciki ba ta shanye komai. Bangon laka da bulo da ƙarfe mai tsatsa sun kusa cika wannan, amma gogaggen ƙarfe mai sheƙi yana mayar da huci kamar madubi. Hayaƙi mai kauri da tururi kuma suna shan rabonsu a hanya. Idan rabin ƙasan tanderu garwashi ne rabi kuma toka, sai a raba shi fuska biyu, lambobin su tashi daga 9 zuwa 16, a sake bin su da ƙa'idojin nan uku.