Zaɓen Batu Don Tsararriyar Bita: Misali Daga Cutar Tsargiya a Yankin Bakolori

Gabatarwa

Kowane ɗalibi da ya taɓa rubuta kundi ya san babin bitar ayyukan da suka gabata, inda akan jero abin da magabata suka rubuta gwargwadon abin da hannu ya kai gare shi. Tsararriyar bita ta sha bamban da wannan. Ita bincike ce mai zaman kanta, wadda ake yi wa tambaya guda ɗaya tak, a tattaro duk ayyukan da suka amsa ta, a tace su da sharuɗɗan da aka rubuta tun kafin a fara, sannan a faɗi abin da suka nuna gaba ɗaya. Ta yi ƙarfi a fannin lafiya bayan kafa ƙungiyar Cochrane a 1993, ta kuma shiga fannin ilimi ta hanyar ƙungiyar Campbell a 2000. Wannan maƙala za ta nuna cewa batu ba ya zama zaɓaɓɓe sai an iya rubuta masa sharuɗɗan da za su raba aikin da zai shiga da wanda ba zai shiga ba. Za a yi amfani da cutar tsargiya a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun domin misali.

Dalilin Ɗaukar Tsargiya

An fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Kogin Sakkwato a 1974, aka kammala a 1978. Ruwanta ne ke bi ta magudanai yana shayar da gonakin rani na waɗannan ƙananan hukumomi uku. Ita kuwa tsargiya, wato fitsarin jini, wata tsutsa ce ke haddasa ta. Ƙwanta yana fita cikin fitsarin mai cutar, idan ya faɗa ruwa sai ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin wata 'yar katantanwa. Bayan 'yan makonni 'ya'yan tsutsar su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko su ko dashen shinkafa. Katantanwar kuwa ta fi son ruwa mai tafiya a hankali, mai ciyayi, irin na magudanan noman rani.

An ga wannan alaƙa a wasu wurare. Tsargiya ta yaɗu a bakin Tafkin Bolta na Gana bayan gina madatsar Akosombo, haka kuma nau'inta na hanji ya ɓarke a arewacin Senigal bayan madatsar Diama ta 1986. Akwai kuma hukunci da ke rataye a kan alƙaluma. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, al'ummar da masu cutar suka kai kashi 10 cikin ɗari a cikinta, ana son a riƙa raba mata maganin firazikwantal kowace shekara, tun daga ɗan shekara 2. Ashe ke nan adadin da bita ta fitar yana iya shafar wanda zai sha magani.

Daga Sha'awa Zuwa Tambaya

Abin da ɗalibi kan fara zuwa da shi sha'awa ce kawai, kamar ya ce zai yi bita a kan “cututtukan ruwa a Zamfara”. Wannan ya yi faɗi, domin ya haɗa amai da gudawa da zazzaɓin cizon sauro da tsargiya, alhali kowace da hanyar yaɗuwarta da yadda ake auna ta. Alamar batu mai faɗi ita ce, duk takardar da aka ɗauko sai a ga kamar ta shiga.

Daga nan sai ya koma ga tambaya mai jan hankali: shin madatsar Bakolori ta ƙara yawan tsargiya? Wannan tambaya tana bukatar awo iri biyu, na kafin 1978 da na bayanta, a ƙauyuka guda, da ma'auni guda. Wajibi ne a yi ɗan binciken share fage a ga ko akwai awon farko. In babu shi, babu yadda bita za ta ƙirƙiro shi, domin ba ta zuwa ƙauye ta auna kowa; abin da wasu suka auna shi take tattarawa.

Tambayar da ta fi zama daidai ita ce: kashi nawa cikin ɗari na yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ke ɗauke da tsargiyar mafitsara a garuruwan da ke shan ruwan Bakolori? A nan an fayyace abu uku, wato cutar, da mutanen, da wurin. Idan share fage ya nuna ayyukan ba su wuce biyu ko uku ba, sai a buɗa ɓangaren wuri kaɗai, a haɗa da sauran madatsun arewa maso yamma irin su Goronyo da Tiga da Jibiya, a bar cutar da shekarun yara yadda suke.

A wajen share fage akwai tarko guda na tarihi. Sai ranar 1 ga Oktoba 1996 aka cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato, saboda haka aikin da aka yi a Talata Mafara kafin nan da sunan Sakkwato zai fito. Haka kuma wasu na rubuta Bakolori, wasu Bakalori. Don haka a rumbuna irin su PubMed akan rubuta kamar haka:

```
(schistosomiasis OR bilharzia OR haematobium)
AND (Bakolori OR Bakalori OR "Talata Mafara"
OR Bakura OR Maradun OR Zamfara OR Sokoto)
```

Ya kamata kuma a duba PROSPERO, rajistar da Jami'ar York ta buɗe a 2011, don a tabbata wani bai riga ya kama batun ba.

Sharuɗɗan Shiga

Sharaɗi nagari shi ne wanda mutum biyu za su karanta, su ɗauki takarda ɗaya, su yanke mata hukunci ɗaya ba tare da sun yi shawara ba. “Ayyuka masu inganci” ba ya cika wannan, domin kowa da abin da yake kira inganci. Ga sharuɗɗa huɗu da suka dace da tambayar da ke sama.

Na farko, inda aka samo yaran. Za a karɓi aikin da ya ɗebi yara a makaranta ko a gidaje, a ƙi wanda ya ƙirga marasa lafiyar da suka kai kansu asibiti. Alal misali, a ƙaddara wani aiki ya auna yara 200 a makaranta ya sami 16 da cutar, wato kashi 8 cikin ɗari. Wani kuma ya auna yara 100 da aka kai asibiti da ciwon mara ya sami 45. In aka haɗa su za a sami 61 cikin 300, wato kusan kashi 20, har an tsallake iyakar kashi 10 da aka ambata. Wannan adadi bai siffanta makarantar ba, bai kuma siffanta asibitin ba. Sannan dole a fayyace ko kalmar makaranta ta haɗa da makarantun allo da na Islamiyya, domin yaron da ba ya zuwa boko yana iya fin kowa daɗewa cikin ruwa.

Na biyu, yadda aka gano cutar. Hanya uku aka fi bi: a tambayi yaro ko yana ganin jini, ko a tsoma takardar gwaji mai nuna jinin da ido ba ya gani, ko a tace fitsari mililita 10 a nemi ƙwai da madubin likita. Tambaya tana iya haɗuwa da kunya ko mantuwa. Takardar gwaji tana iya kama jinin al'ada ga 'yan mata da suka tasa. Ƙwai kuwa ya fi fita tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, don haka fitsarin sassafe kan rage adadi. Sharaɗin zai ce sai aikin da ya ga ƙwai da madubi. Sauran kuwa, in an karɓe su, a lissafa su daban.

Na uku, lokaci. Rabon firazikwantal a makarantu yana saukar da adadi na wani lokaci, saboda haka awon da aka yi wata biyu bayan rabo ba ya daidai da na ƙauyen da bai taɓa shan magani ba. Sai a ɗauki ayyuka daga 1978 zuwa ranar da aka rufe nema, a rubuta wa kowane shekarar da aka ɗebi fitsari, domin shekarar bugu kan zo a makare.

Na huɗu, nau'in rubutu. Yawancin irin wannan awo yana iya kasancewa cikin kundayen digiri na jami'o'i kamar ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello, waɗanda ba su shiga mujalla ba. Barin su asara ce, amma karɓarsu na da haɗari guda: kundi ɗaya kan haifi maƙala biyu, sai a ƙirga yara guda sau uku. Ana gane haka idan sunan ƙauye da yawan yara da shekara suka zo ɗaya. Sharaɗin zai ce a riƙe wanda ya fi cikar bayani.

Gwada Sharuɗɗan

Kafin a tsunduma, mutum biyu su ɗauki takardu kamar ashirin daga share fage, kowa ya tace nasa shi kaɗai. Inda suka saɓa, galibi laifin yana ga lafazin sharaɗin. Idan aiki ya auna 'yan shekara 4 zuwa 18 ɗaya ya karɓa ɗaya ya ƙi, to ba a faɗi yadda za a yi da shekarun da suka zarce ba. Gyaran shi ne a ƙara cewa za a karɓa in har ana iya ware adadin 'yan 5 zuwa 14 daga ciki.

Bayan gyara sai a rubuta tsarin, a sa masa kwanan wata, a yi masa rajista. Hikimar ita ce, wanda ya riga ya ga sakamako yana iya lanƙwasa sharaɗi don aikin da ya yi masa daɗi ya shiga, ko da bai yi nufin haka ba. Ƙa'idar PRISMA ta 2009, wadda aka sabunta a 2020, ta bukaci a nuna yawan takardun da aka samo, da waɗanda aka zubar, da dalilin zubar da duk wadda aka karanta gaba ɗaya.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, an ga yadda “cututtukan ruwa a Zamfara” ya koma tambaya guda game da yara 'yan shekara 5 zuwa 14, a garuruwan Bakolori, da aka auna da madubi. Bitar da ta fito daga nan tana da iyakarta: ba za ta tabbatar cewa madatsa ce ta kawo cutar ba, ba kuma za ta yi magana a kan manya manoma ba. Amma za ta nuna ƙauyukan da aka auna da waɗanda ba a taɓa aunawa ba, kuma wannan giɓi shi ne batun kundin wani ɗalibi na gaba. Wanda ya fi sha'awar fannin ilimi zai iya bin wannan hanya a kan koyar da karatu da Hausa a azuzuwan farko na firamare, muddin ya faɗi aji nawa, wace irin makaranta, da jarrabawar da aka auna iya karatun da ita.